Yadda ake duba kwantiragin talla kafin a sa hannu

A ce kana TikTok a Yamai, wani kamfanin jus ya kira ka kafin azumi ya ce jaka 300 za su ba ka ka yi musu talla, sun turo takarda da faransanci shafi huɗu. Kada ka tsaya ga kuɗɗin, wuri huɗu za ka duba, kuma da biro a hannu.

Da farko nemi inda aka rubuta aikin da za ka miƙa. In ka ga "bidiyo da sauran abubuwan talla" to goge shi, wannan "sauran" ba ya ƙarewa. A rubuta bidiyo 3 a TikTok, kowane daƙiƙa 45 zuwa 60, da sitatus 5 na WhatsApp, da ranar da kowane zai fita, da tsawon lokacin da zai zauna a shafinka. Harshe ma a faɗa, don a Yamai sai an gama na Hausa a ce maka ai muna son na Zabarmanci, alhali wannan wani ɗauka ne daban. Sannan ka tambaya ko za su ɗauki bidiyon su sa a talabijin ko su manna fuskarka a allon bakin titi. In haka ne kuɗɗinsa daban, kuma a sa masa iyaka, misali wata 3.

Na biyu gyara. Sau biyu ya isa, kuma kamfani ya tara duk abin da bai yi masa ba ya turo lokaci guda cikin kwana 3 na aiki, in sun yi shiru an ɗauka sun yarda. Dabarar ita ce su amince da rubutun abin da za ka faɗa tun kafin ka kunna kamara. Canza rubutu a kan allo gyara ne, amma a ce ka sake ɗauka a wani wuri da wasu tufafi sabon aiki ne.

Na uku shi ne inda mutane suke cutuwa ba su sani ba, wato sharaɗin hana ka yi wa kishiyoyinsu talla. Abu uku za ka nema a ciki: wane irin kaya, har yaushe, kuma a ina. In an rubuta "abin sha" kawai, to ruwan leda, madara, yawur, shayi, har bisap ɗin wata hajiya ta unguwarku duk sun shiga. Yi lissafi, in dama kana samun kamar jaka 100 a wata daga masu irin waɗannan kaya kuma aka ɗaure ka wata 6, jaka 600 ka bari don ka karɓi 300, ga shi cikin azumi ne masu abin sha suka fi neman talla. Ka ce a mayar da shi "jus na kwalba", cikin Nijar, kwana 30 daga fitar bidiyo na ƙarshe. In sun nace a kan wata 6 su biya kowane wata, ni a ganina wanda ba zai iya biyan wannan ba bai kamata ya nema ba.

Na huɗu biya. Nemi abansi rabi, jaka 150 ranar sa hannu, kada ka fara ɗauka sai ya shigo. Ragowar kuma ka duba daga wace rana ake fara ƙirga, don "kwana 30" da "kwana 30 ƙarshen wata" ba ɗaya ba ne. Ka kai faktir ranar 3 ga Maris, kwana 30 ya kai ka 2 ga Afrilu, amma in akwai "ƙarshen wata" galibi sai 30 ga Afrilu, kusan wata biyu ke nan. Mafi muni shi ne "bayan amincewar kamfani" ba tare da rana ba, sai darekta ya yi tafiya kai kuma kana jira. A rubuta kwana 15 daga fitar bidiyo na ƙarshe, da tarar da za ta hau in sun makara, da cewa ba su da izinin amfani da bidiyon sai sun cika kuɗɗi.

Ka kuma tambaya jaka 300 ɗin HT ne, wato ba a haɗa harajin TVA a ciki ba, ko TTC, wato an haɗa shi. TVA a Nijar 19% ce, in kai mai karɓar TVA ne kuma farashin TTC ne, abin da ya rage maka kusan jaka 252. Manyan kamfanoni za su nemi NIF ɗinka, wato lambarka ta haraji, a kan faktir, ka tanade shi tun da wuri. In ta Nita ko Amana za a turo, a rubuta wa zai biya kuɗɗin aike. Duk abin da kuka daidaita a boyis ɗin WhatsApp a shigar da shi cikin takarda, ku duka ku sa hannu a kowane shafi, ka riƙe kwafi ɗaya mai tambarin kamfani.