Takardar Shaidar Kuɗi Don Bizar Karatu a Birtaniya: Kurakuran da Aka Fi Yi

Duk wanda ya kawo mini takardar banki ya ce in duba masa ko ta isa, ba na fara kallon jimillar kuɗin da ke ƙasa. Nan ne idon iyaye ke zuwa, su ga miliyoyi hankalinsu ya kwanta. Jami'in biza kuwa abin da yake nema shi ne mafi ƙarancin kuɗin da ya taɓa kwana a asusun cikin kwana 28 a jere.

Mu fara da lissafi, don a nan ake yawan tuntuɓe. Birtaniya tana son ganin ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko, da kuɗin zama na wata tara ga mai karatun da ya kai haka ko ya wuce. Tun daga Nuwamban 2025 kuɗin zaman ya zama fam 1,529 a wata a Landan, fam 1,171 a wajenta. Ana ɗaga adadin lokaci zuwa lokaci, saboda haka a duba shafin gwamnatinsu kafin a fara tara kuɗi, kada a dogara da abin da yayan wani ya nuna bara.

A ce yarinya ta samu gurbin digiri na biyu a wajen Landan, kuɗin makaranta fam 16,000, an biya kafin alƙalami fam 4,000. Saura 12,000. Kuɗin zama na wata tara fam 10,539 ne, jimilla 22,539. To amma wannan 4,000 ɗin, ya fito a takardar CAS, wato takardar tabbatar da gurbin karatu da jami'a ta bayar? Idan an biya bayan fitowar takardar kuma ba a sabunta ta ba, ana iya lissafa kuɗin makarantar cif, abin da ake nema ya koma 26,539. Gyaran ba wuya, a rubuta wa jami'a ta sabunta CAS kafin a cike fom.

Sai canji. Idan asusun na naira ne, da farashin shafin OANDA na ranar da aka miƙa fom ake aunawa, ba da farashin 'yan canji na Wapa ba, ba kuma da na ranar da aka zuba kuɗin ba. Ƙaddara fam ɗaya naira 2,000 ne: ana bukatar miliyan 45 da dubu 78. Mahaifi ya ajiye miliyan 46, yana ganin har da rara. Kafin kwana 28 su cika fam ya koma 2,100, bukata ta haura miliyan 47, takardar da ta isa jiya yau ta gaza, alhali ko kwabo ba a taɓa ba. Ni dai shawarata a ɗora aƙalla kashi goma cikin ɗari a kai, a kuma sake lissafi da safiyar ranar miƙa fom.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na taɓa asusun. Na taɓa zama da wani uba muna bin bayanan asusunsa layi-layi da biro. A rana ta goma sha tara ya cire kuɗin kaya, washegari ya mayar. "Ai kwana ɗaya ne, Malam," in ji shi. Kwana ɗayan nan ya rushe ƙirgar, dole aka faro daga farko. Haka kuɗin biza da na inshorar lafiya, idan daga wannan asusun za su fita, a tanade su daban a kan adadin da ake nema.

Takardar da ke cewa kawai "yau akwai kaza a asusun" ba ta wadatar ba. A nemi banki ya rubuta sunan mai asusun da lambarsa, ranar takardar, adadin kuɗin, da cewa sun zauna kwana 28 ba su sauka ƙasa da haka ba. In banki ya ƙi, a karɓi cikakken bayanin shige da ficen asusun. Ranar ƙarshe ta kwanakin kuma kada ta wuce kwana 31 kafin ranar miƙa fom a intanet.

A wurinmu baffa uba ne, kawu ma yakan ɗauki nauyin karatu ba tare da an roƙe shi ba. Dokar ba ta san wannan ba. Asusun ɗalibi take karɓa, ko na iyayensa, ko na wanda kotu ta damƙa wa riƙonsa, tare da takardar haihuwa ko ta kotun, da wasiƙar amincewar mai asusun. Idan baffa ne zai biya, ya tura kuɗin asusun ɗalibin da wuri, a adana shaidar turawar, ƙirgar kwana 28 ta fara daga ranar da suka shiga. Hannun jari da kuɗin kirifto ba sa cikin lissafi, haka ma damar cirar fiye da abin da ke asusu da banki kan bayar.