Darasi na 9: Lambar da aka soke da wadda aka rubuta a kan wata

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin bashi a shago a Ghana, a Aboabo ne ko a Kejetiya, ya san shafin ba ya zama fes. Ga ciniki ga surutu, mai shago ta rubuta kuɗi ta ga ba daidai ba ta ja layi ta sake. Aikinmu yau shi ne idan kun zo kwafe irin wannan shafi zuwa sabon littafi, lambar ƙarshe ce za ku ɗauka, wadda mai rubutun ta tsaya a kanta.

Ga shafin wata Hajiya mai shago, bashin maƙwabciyarta na sati guda. Ran Litinin ta ɗauki gari olonka 3, an rubuta sidi 90, an ja layi a kai, an sa 75 a sama. Ran Laraba sukari da sabulu, lambar an bi ta da biro sau biyu, kana gani kamar 30 kana gani kamar 80. Ran Juma'a mai, sidi 40, wannan babu gyara. A ƙasa an sa jimla 145.

Na Litinin babu wahala. 90 ta mutu tunda an soke ta, 75 ce mai rai, kuma za ku iya gwadawa: in olonka ɗaya sidi 25 ne, uku 75 ke nan. Da a ce an soke 75 ɗin ma an sa wata a gefe, to wadda babu layi a kanta ita ce taku, ko sau nawa aka gyara. Amma ku lura da tsawon layin. Yawancin masu shagonmu in mutum ya biya bashi layin gaba ɗaya suke kashewa, daga kwanan wata har kuɗin, wannan ma'anarsa an biya, kada ku kwafe shi cikin abin da ake bi. In lambar kaɗai aka soke shi ne gyara.

Na Laraba shi ne inda mutane ke faɗa da juna. Ku fara da lissafi: 75 da 30 da 40 sun ba da 145, daidai da jimlar, in kuwa 80 ce sai ya kai 195. To sai ka ce shi ke nan 30 ce. Kada ku yi sauri, don jimlar tana gaya muku abin da ke shafin ne lokacin da aka tara, in bayan an tara aka yi gyaran to jimlar ita ma ta tsufa. Ku kai littafin wurin haske ku duba tawadar. Mayar da 3 ta koma 8 abu ne mai sauƙi, rufe gefen hagu kawai ake yi, saboda haka in kun ga gefen hagun kalar bironsa dabam ko ya fi kauri, 8 ce ta zo daga baya. Wanda ya rubuta 8 bisa kuskure yana son 3 kuwa, zai yi ta bin 3 ɗin yana dannawa har ta yi baƙi ƙirin, in kuka juya takardar kuka shafa bayanta da yatsa za ku ji tudun. Haka 1 take komawa 7, 0 ta koma 6 ko 9.

In tawada ta ce 80 jimla ta ce 30, wannan ba naku ba ne ku yanke. Ku bar gurbin a sabon littafin, ku sa alamar tambaya da fensir, ku je wajen mai rubutun: "Hajiya, na Laraban nan nawa kika tsayar?" Ni dai na fi so a tambaya gaban wadda ake bi bashin, sidi 50 ba ƙaramin abu ba ne tsakanin maƙwabta, kuma da an lissafa kayan da ta ɗauka ran nan magana ta ƙare.

Wani gyaran kuma na tsohon kuɗi ne. Tun 2007 da aka canza, sidi 10,000 na da ya zama sidi 1, amma har yau iyayenmu suna ce wa sidi 100 miliyan ɗaya. In kun ga 1,000,000 an soke an sa 100, kuɗi ɗaya ne, 100 za ku rubuta.

Ku kuma in kun yi kuskure, layi ɗaya siriri za ku ja yadda tsohuwar lambar za ta karantu, ku rubuta sabuwar cikakkiya a gefe, ku sa kwanan wata da harafin farko na sunanku, sannan ku gyara jimlar a take. Ban da rubuta lamba kan lamba, ban da murje ta da biro har takarda ta huje.

Aikin gida: ku kwafe shafin Hajiya sau biyu, ɗaya da 30 ɗaya da 80, kowanne da jimlarsa, ku zo da shi ran Asabar.