Idan fayil ya haihu biyu tsakanin waya da kwamfuta

A shagonmu na Wunti, Bauchi, lissafin kaya ya taɓa rabewa biyu a Dropbox, manhajar ajiye fayil a intanet, ɗayan da "conflicted copy" a sunansa. Dalili kuwa, na gyara a waya babu intanet, yarona ya gyara a kwamfuta.

Idan hakan ya same ka, da farko rufe fayil ɗin a wayar. A kwamfuta, cikin Dropbox, danna "Pause syncing" don dakatar da daidaita fayiloli tsakanin na'urorin.

Kada ka yi saurin gogewa! Buɗe duka biyun, ka duba layi-layi. Duba lokacin da aka ajiye fayil kaɗai yana ruɗi, domin sabon ba lallai ya ƙunshi duka gyare-gyaren ba. Kwashe abin da ya ɓace ka zuba cikin na asalin, ɗayan kuma ka adana a filashi.

Sannan danna "Resume syncing", ka jira koriyar alama kafin ka taɓa wayar.