Kurakuran ƙidayar kaya a sito, da yadda ake shigar da giɓi ba tare da rufa wa sata asiri ba

Yawancin masu sito sau ɗaya suke ƙidayar kayansu a shekara. A rufe ƙofa kwana biyu a ƙarshen Disamba, a ƙirga komai, a samu giɓi, akanta ya daidaita littafi da abin da aka gani a ƙasa, shi ke nan. Illar wannan ita ce, katan ɗin da ya ɓata a watan Maris ba za a san ya ɓata ba sai bayan wata tara. A lokacin an sauke tireloli da yawa, an canza 'yan dako, wayabil ɗin ranar ma ba a san inda yake ba. Giɓin da ya kwana biyu haka ba ya bincikuwa, sai dai a haɗiye shi.

Maganin wannan shi ne ƙidayar bi-da-bi, wato a riƙa ƙirga kaya kaɗan kullum ba tare da an rufe sito ba. Ana raba kayan gida uku gwargwadon kuɗin da ke yawo a kansu. Mu ɗauki sito mai nau'in kaya 600. Guda 60 masu tsada da saurin fita a ƙirga su kowane wata, 180 matsakaita sau huɗu a shekara, ragowar 360 sau biyu. Jimilla ƙirga 2,160 ke nan, idan aka raba a kan ranakun aiki 300 bai wuce nau'i bakwai ko takwas a rana ba. Mutum biyu za su gama da sassafe kafin a fara lodi. Wannan bai kore ƙidayar shekara ba, musamman ga kamfanin da odita ke duba littafinsa, domin ƙa'idar aikin odita ta duniya mai lamba ISA 501 ta ɗora wa odita halartar ƙidaya idan kayan na da nauyi a lissafin kamfanin. Ƙidayar shekarar ce kuma ke tono kayan da aka manta a lungu, waɗanda ba sa cikin jadawalin kowa.

Sai dai ƙidayar kullum ɗin ma tana zama aikin banza idan mai riƙe da makullin sito shi ne mai ƙirgawa, ko kuma aka miƙa wa mai ƙirga takarda ɗauke da adadin da kwamfuta ta nuna. Wanda ya ga 500 a takarda, 500 idonsa zai nema. A ba shi takarda mai sunan kaya da wurin ajiya kawai, ya zama ba ma'aikacin siton ba ne, kuma kada a sanar da kayan da za a ƙirga gobe, don wanda ya san ranar zai iya aro kaya daga maƙwabci ya cike gurbi. Mai ƙirga kuma kada ya tsaya daga nesa yana ninka layi da tsayi. Ya sa a sauke wani sashe na jerin, ya ɗaga katan ɗin tsakiya ya ji nauyinsa, ya duba gindinsa ko an yanke salatif an sake liƙewa. A tsakiyar jeri ake ɓoye katan marar komai a ciki.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo shi ne gaggawar gyara littafi. Ga misali. Dila a Kasuwar Singa ta Kano, littafinsa ya ce akwai katan 500 na taliya, an ƙirga an samu 462. Mu ce ya sayi kowane katan naira 18,000. Giɓin katan 38 ne, naira 684,000. Akanta mai gaggawa zai rage 38 a layi ɗaya ya rubuta "gyaran ƙidaya". Wanda ya san aiki zai fara da sa wani mutum dabam ya sake ƙirgawa, sannan ya ɗauko wayabil da rasit na tun daga ƙidayar da ta gabata.

A nan ya ga katan 20 sun fita a mota da ƙarfe bakwai na safe, amma ba a shigar da cinikin a kwamfuta ba. Waɗannan ba giɓi ba ne. Abin yi shi ne a shigar da cinikin. Da an share su a matsayin asara, da kwastoman ya tafi da kayan da kuɗin sayensu ma ya kai naira 360,000 ba tare da an rubuta masa bashi ba, kuma duk wanda ya karɓi kuɗin daga baya zai iya sa wa a aljihu babu mai tambaya. Saboda haka kafin a fara ƙirga a rubuta lambar wayabil ta ƙarshe da ta rasit ta ƙarshe, a dakatar da shige da ficen wannan kayan har a gama.

Sai ya lura makaroni ya yi rarar katan 10. Rasit ɗin wani kwastoma ya ce makaroni, amma taliya aka loda masa. Wannan kuskuren lodi ne, kuma a gyara shi da layi biyu a bayyane, taliya ta ragu 10, makaroni ya ƙaru 10, a maƙala lambar rasit ɗin. Kada a taɓa cewa rara ta cinye giɓi ba tare da takardar da ta haɗa su ba. Rahoton da ke nuna abin da ya rage bayan an tashi rara da giɓi kawai, shi ne mafakar ɓarawo, don rarar kaya mai arha tana iya lulluɓe ɓatan mai tsada. Rara ita ma alamar matsala ce, ba riba ba.

Katan 3 kuma an same su a bayan ƙofa, ruwan kwano ya jiƙa su an ware. Naira 54,000 ke nan, a shigar da su asusun kayan da suka lalace, da hoto da sa hannun manaja, a kuma lalata su a gaban shaida don kada su fita ta bayan fage. Saura katan 5, naira 90,000, babu takardar da ta bayyana su. Waɗannan a buɗe musu asusu nasu na giɓin da ba a gano dalilinsa ba, kada a cusa su cikin lalatattu ko a narkar da su cikin kuɗin kayan da aka sayar. Da kuɗin saye ake lissafa su, ba na sayarwa ba, kuma ƙa'idar aikin akanta ta duniya mai lamba IAS 2 ta ce asarar kaya a rubuta ta a lokacin da ta faru, ba a jinkirta ta zuwa wata shekara ba. Masu aiki da manhajar lissafin kamfani ta SAP sun san an raba matakan, kowanne da lambar umarninsa: `MI04` na shigar da ƙirga, `MI07` na shigar da bambanci. Kada mutum ɗaya ya riƙe izinin duka biyun.

Akwai masu gida da ke zaftare albashin mai sito da zarar an ga giɓi, tun kafin a bincika. A misalinmu da an ci zalinsa a kan katan 33 da ba sata ba ne, kuma daga ranar zai koyi ɓoye giɓi maimakon kai rahoto. A gefe guda, idan an ce gyaran da bai kai naira 100,000 ba ba ya buƙatar sa hannun maigida, katan biyar ɗin nan za su wuce a ƙarƙashin wannan iyaka kowane wata, naira 1,080,000 a shekara. Don haka duk ƙarshen wata maigida ya karɓi jerin gyare-gyaren gaba ɗaya, manya da ƙanana, ya duba su ta nau'in kaya, ta wanda ya shigar, da ta wanda ke bakin aiki. Idan taliya ta sake yin giɓi a wata na biyu, a mayar da ita ƙirgar mako-mako, a kuma sa mutum na biyu ya riƙa ƙirga katan a bakin mota lokacin lodi.