Yadda ake mayar da hoton littafin aji rubutun bita mai tsafta

Da farko sa wa hotunan lamba bisa jerin shafukan littafin. Sannan buɗe hoto ɗaya gefe guda, wurin bugawa a ɗaya gefen, ka riƙa bugawa layi-layi ba tare da gyara komai ba tukuna.

Inda rubutu ya gagare ka, kada ka yi hasashe ka wuce. Misali darasin tarihi ya ce jihadin Shehu Usmanu ya fara a 180, tawada ta cinye lambar ƙarshe. Ka buga [180? shafi 12]. Inda layi ya ɓace ɗungurungum, ka sa [giɓi]. Sai ka duba littafin wani ɗan aji ka tabbatar 1804 ce, tukuna ka cire alamar.

Daga ƙarshe danna Ctrl+F ka nemo duk [ da suka rage.