Zafin Ciki Tsakanin Abinci: Kurakuran Da Ke Mayar Da Olsa Babban Ciwo

Gyambon da ke farkon ƙaramin hanji yana da lokacinsa. Zafin kan taso a ƙahon zuciya awa 2 zuwa 3 bayan cin abinci, ko ya tashe mutum cikin dare, da ya ɗan ci wani abu sai ya lafa. Abubuwa biyu ne suka fi haddasa shi: ƙwayar cuta mai suna Helikobakta failori, da magungunan kashe ciwo. Yaji da yunwa suna tsananta zafin, amma ba su ne tushensa ba.

Kuskure mafi muni shi ne shan maganin ciwon jiki a kan wannan zafi. Ɗauki lebura da ya wuni yana ɗaukar bulo, ya biya kemis da yamma ya ce a yi masa haɗi. Sau da yawa a ƙullin akwai diklofenak da ibufurofen, wani lokaci har da firoksikam, dukkansu dangi ɗaya. Suna hana jiki samar da sinadarin da ke sa ciki ya yi majinar da ke kare bangonsa, sai ruwan narkar da abinci ya ci naman kai tsaye. Asfirin ma haka, har wanda ke cikin garin maganin ciwon kai. Komawa allura ba mafita ba ce, domin ta jini maganin ke yin ɓarnar. Farasitamol ya fi sauƙi ga ciki: ƙwaya 2 masu miligiram 500, kada babba ya wuce 8 a yini. Wanda likita ya ɗora wa asfirin saboda zuciya kuwa, kada ya daina sai ya koma wurinsa.

Jiƙon kanwa da madara kwantar da zafi kawai suke na ɗan lokaci.

Sai kuskuren gwaji. Idan zafin ya haura mako 2, ko yana tafiya yana dawowa, a nemi gwajin ƙwayar Helikobakta ta bahaya ko ta numfashi. Na jini ba ya bambanta cutar da ke nan da wadda ta wuce. Mutane da yawa suna zuwa bayan sun sha omefurazol, maganin rage tsamin ruwan ciki, da safe, sakamako ya nuna babu, alhali akwai. A tsayar da shi mako 2 kafin gwaji, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4. In an samu ƙwayar, magani yawanci na kwana 14 ne, a shanye shi ko zafi ya ɗauke a kwana na uku, a sake gwaji mako 4 bayan gamawa.

Baƙin bahaya mai yauƙi kamar kwalta, aman jini, ko ciwo na farat ɗaya da ciki ya ƙage kamar katako, asibiti za a nufa nan take. Rama ba dalili da wahalar haɗiya kuma suna bukatar a leƙa cikin da na'ura.