Kwana da giya, tashi da ciwon ciki: kurakuran da aka fi yi da safe

Ina riƙe da ɗan shagon kemis a cikin Katsina, kuma akwai wasu irin kwastomomi da nake ganewa tun kafin su buɗe baki. Da sassafe suke zuwa kafin layi ya cika, ido ja, leɓe a bushe, hannu ɗaya dafe da saman ciki daidai ƙasan ƙirji. Sai mutum ya duba hagu da dama ya ce "Malam, olsa ce ta tashi min." Ba wa'azi zan yi ba, hukuncin giya kowa ya san shi a garin nan kuma malamai na faɗi kullum. Abin da ke damu na shi ne saboda kunya mutum ba zai faɗi gaskiya ba, sai ya je ya yi wa kanshi magani da abin da ke ƙara ɓarnar.

Wani direban babbar mota ne ya sa na zauna rubuta wannan. Ya shigo wajen ƙarfe bakwai, ya yi amai sau uku tun asuba, ko ƙamshin ƙosan da ake soyawa a bakin layi bai iya jurewa, kai na sara. Ya ce in ba shi daikulofinak guda biyu da filajil. Na ce ɗan'uwa zauna tukun, me ka ci jiya da dare? Ya ce ba komai. Me ka sha? Ya yi shiru yana kallon silin, sai da yaron shago ya fita sannan ya ce kwalba biyar, daga ƙarfe takwas zuwa sha biyun dare, kuma rabonshi da abinci tun azahar.

Bari in fara da abin da ya faru a cikin nashi, don in ba a gane wannan ba sauran maganar ba za ta zauna ba. Tumbin mutum kullum akwai asid a ciki mai ƙarfin gaske, shi ke fara narka nama in ka ci. To me ya hana shi narka tumbin kanshi? Akwai wani yauƙi kamar na kuɓewa da ke lulluɓe da fatar cikin tumbi, a cikin yauƙin nan akwai sinadari mai kashe kaifin asid, ga kuma jini da ke zagayawa a ƙarƙashi yana gyara duk inda ya ɗan ƙuje. Giya in ta yi yawa tana ratsa wannan yauƙin ta taɓa fatar kai tsaye ta ji mata ciwo, wajen ya yi ja ya kumbura, wani lokaci har ya ɗan riƙa tsattsafo da jini. Giyar kwalba wadda ƙarfinta bai wuce kashi 5 cikin 100 ba ita tana sa tumbi ya ƙara zubo asid ne, masu zafin nan kuwa na 'yar leda da ogogoro da ke kai kashi 40 ko kusa, su ƙuna suke yi da kansu, balle a ciki wayam babu abincin da zai tsarma su. Kenan garkuwa ta yi rauni asid kuma yana nan. Shi ne zafin da ake ji a ƙasan ƙirji.

Tashin zuciyar kuma ta hanya biyu take zuwa. Tumbin da ya ji ciwo yana aika saƙo ƙwaƙwalwa ta jijiya cewa a dakata kar a ƙaro komai, kuma giya mai yawa tana sa ya yi nawa wajen tura abin da ke cikinshi zuwa hanji, shi ya sa da safe mutum ke jin ciki a cike alhali bai ci komai ba. Ta biyun daga jini ne. Hanta ce ke sarrafa giya, tana fara mayar da ita wani abu mai guba da ake kira asitaldihaid kafin ta mayar da shi abin da ba ya cutarwa, kuma akwai wani waje a ƙwaƙwalwa da aikinshi shi ne ɗanɗana jini, in ya ji guba ya tayar da amai. Hanta ba ta gaggawa, giram 7 zuwa 10 take iya sarrafawa a awa. Kwalba ɗaya mai santilita 60 tana ɗauke da giram 24 ko kusa na tsantsar barasa, biyar kenan wajen giram 120, aikin awa 12 ne zuwa sama. Direban nan awa 11 kawai ya yi daga kwalbar farko, wato lokacin da yake zaune a bencina hantarshi ba ta gama ba, kuma wai niyyarshi ya hau mota ya kama hanyar Kano. Na ce masa yau kam a'a.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya zo da shi, maganin ciwon jiki a kan wannan tumbin. Daikulofinak, ibufurofin, asfirin, da ƙullin haɗin nan na "gajiya" da ake saidawa a tasha wanda galibi su ne a ciki, duk hanyar aikinsu ɗaya, suna toshe wani sinadari a jiki mai suna furostagilandin. Shi ke kawo jin ciwo, gaskiya ne, amma kuma shi ne ke sa tumbi ya yi yauƙin nan da na faɗa. Ka ga kenan giya ta kankare rabin garkuwa da dare, kai kuma da safe ka hana a yi sabuwa. Ciwon kai zai lafa, amma ta nan ne mutane ke wayar gari da aman jini. In ciwon kan ya matsa farasitamol ya fi sauƙi ga tumbi, sai dai shi kuma hanta ke sarrafa shi kuma tana cikin wahala, don haka ƙwaya biyu masu miligiram 500 sun isa, kar a sake sai bayan awa shida, wanda kuma yake sha kullum kar ya wuce giram 2 a yini. Yawancin ciwon kan ma in aka sha ruwa aka yi barci yana sauka da kanshi.

Filajil kuwa ban san wanda ya koya wa mutanenmu cewa duk abin da ya taɓa ciki shi ne maganinshi ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, nan kuma ba ƙwayar cuta ba ce, kuma an hana haɗa shi da giya saboda yana iya jawo amai da bugun zuciya da jiri. Shi kanshi tayar da zuciya yake yi ko a mai lafiya. A bar shi.

Sai masu cewa farfesu mai yaji sosai shi ke "wanke ta", ko tsire da yaji, ko a matse lemun tsami a sha, ko baƙin kofi mai kauri, ko lemun gwangwanin nan na ƙara kuzari. Babu wanda ke sa hanta ta yi sauri a cikinsu. Yaji da tsami a kan fatar da ta ƙuje zafi kawai za su ƙara, kofi yana ƙara asid, abu mai maiƙo kuma ya daɗe zaune a tumbin da dama ya yi nawa. Amma kishiyar wannan ma kuskure ce, wato a ƙi cin komai har yamma don ba a jin sha'awa. Lokacin da hanta ke fama da giya ba ta iya sakin sukari cikin jini yadda ta saba, shi ne kasalar nan da rawar jiki da gumi, kuma ga asid zaune a ciki ba abin da zai yi aiki a kai. Abin da na sa direban ya yi shi ne, na haɗa mishi ruwan gishiri da sukari na leda, ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, na ce ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan duk bayan 'yan mintoci, kar ya ɗaga kofi ya shanye don tumbin zai dawo da shi. Giya tana sa fitsari da yawa ga amai ya ƙara kwashe ruwa da gishirin jiki. Bayan kamar awa ɗaya da ya ga ya zauna sai aka sayo mishi kunu mara tsami da ɗan burodi. Farar shinkafa ko ayaba ma sun yi. Na ƙara mishi da farin maganin ruwan nan na olsa da ake girgizawa, shi yana kashe kaifin asid nan take. Omefirazol da mutane ke haɗiya suna jiran sauƙi a minti goma ba haka yake aiki ba, yana rage yin asid ne a hankali kuma kafin karin kumallo ake shan shi.

Akwai masu zura yatsa a maƙogwaro wai su fitar da giyar. Da safe ai ta riga ta shige jini, abin da ke fitowa asid ne da ruwan ɗaci, kuma yunƙurin amai da ƙarfi yana iya tsaga fatar da ke mahaɗar bututun abinci da tumbi, sai ka ga jini ja ya biyo baya.

Wasu kuma abokai ke ce musu "ƙara ɗaya za ka ware." Ana ɗan jin sauƙi, eh, don an dusashe jijiyoyi ne, amma an sake zuba wa tumbin abin da ya ƙona shi. Fatar tumbi tana sabunta kanta cikin kwana uku zuwa biyar in an ƙyale ta, in kuma ana maimaitawa duk dare ba ta samun wannan damar. Nan akwai bambancin da ya kamata a sani. Wanda kullum sai ya sha, ya tashi da tashin zuciya da karkarwar hannu da gumi, kuma da ya kurɓa su lafa, nashi ya wuce ciwon tumbi, jikin ne ya riga ya dogara da ita. Irin wannan in Allah ya sa ya yi niyyar dainawa kar ya yanke dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki, yana iya kawo jijjiga da ruɗewa, asibiti za a taimaka mishi ya sauka lafiya.

Abin kwana ɗaya yawanci cikin awa 24 ya wuce. Wanda ba na kemis ba ne shi ne in aman ya zo da jini ko ya yi baƙi-baƙi kamar garin kofi, ko bahaya ya fito baƙi kamar kwalta mai wari, ko ciwon saman ciki ya yi tsanani yana ratsawa har gadon baya, ko ruwa ma ya ƙi zama, ko gani ya fara dishi-dishi bayan an sha haɗin gida da ba a san abin da aka zuba ba. Waɗannan asibiti ne a ranar, kuma a faɗa wa likita abin da aka sha da yawanshi, don in ka ce "olsa ce" kawai zai iya bin wata hanya daban. Mai olsar gaske ma gwaji ake yi mishi, galibi wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta kuma tana da maganinta.

Direban ya kwanta a bencin bayan shago har azahar. Da ya tashi na tambaye shi kalar bahayanshi, ya ji kunya ya yi dariya ya ce lafiya lau, rawaya ne. Ya ce in ba shi daikulofinak ɗin ko don gobe, na ce Alhaji wannan kam sai dai ka saya wani waje, ya biya kuɗin ruwan gishirinshi ya ce a ƙaro mishi kunu.